Kwana bakwai kafin na buɗe asusuna na waya da aka kulle saboda kuskuren PIN

Ranar Alhamis ce bayan La'asar, ina kasuwar Singa a Kano zan tura wa mai shinkafa naira 42,000. Asusun da nake amfani da shi irin na manhajar waya ne, wanda lambar layinka ita ce lambar asusunka, kuma akwai naira 186,000 a ciki. Kwana uku kafin nan na canza lambar sirrin biya, wato PIN mai lamba huɗu, amma yatsana ya saba da tsohuwar, ita na danna. Wani jan rubutu ya fito a ƙasan allo, ban tsaya karanta shi ba na sake dannawa, na haɗa farkon sabuwar da ƙarshen tsohuwar. Nan take allon ya nuna an kulle PIN ɗin saboda yawan kuskure. Na rufe manhajar na sake buɗewa, na kashe wayar na kunna, babu abin da ya canza. Ba zai canza ba kuwa, domin ba a cikin wayar ake ƙirga kuskuren ba, a na'urar kamfanin ake ƙirgawa. Ko ka goge manhajar ka sake saukewa, ko ka ɗauki wata wayar, ƙirgen yana nan inda ka bar shi. Goge manhajar ma ƙara wa kai aiki ne, don za a nemi ka shiga daga farko, kuma idan layin asusun ba ya hannunka ka rufe wa kanka ƙofar da ta rage.

Abu na farko da na duba shi ne mene ne ainihin aka kulle, domin mutane da yawa suna cakuɗa lambobin. Akwai lambar shiga manhaja, wadda a tawa lamba shida ce. Akwai PIN na biya, wanda ake sawa a ƙarshen kowace taransifa ko sayen kati. Akwai kuma PIN na katin ATM, wanda shi daban yake, kuma a yawancin bankuna kuskure uku ne ke rufe shi. A wajena na biya ne aka rufe. Ina iya shiga manhajar da yatsa, ina ganin kuɗina cif, har wani kwastoma ya turo mini naira 7,500 da yamman nan kuma suka shiga. Fita ce kawai babu. Wannan ya kwantar mini da hankali sosai, kuma yana da kyau duk wanda abin ya same shi ya fara duba nan: idan ma'aunin kuɗinka bai taɓu ba, kuma babu wata taransifa da ba ka sani ba a jerin abin da aka yi, to kullewar ba ta ci maka ko kwabo ba. Na ɗauki hoton allon ma'aunin, da na saƙon kullewar tare da lokacin da ke saman wayar. Daga baya sau biyu aka tambaye ni ainihin abin da saƙon ya ce da ƙarfe nawa ya fito.

Da na koma shago na danna `Forgot PIN`. Manhajar ta ce ta aika lambar OTP zuwa layin asusun, ta nuna lambobi uku na ƙarshe. Nan gabana ya faɗi, domin layin da ke cikin ƙaramar wayata ne, wadda ta faɗi a adaidaita sahu kwana goma da suka wuce. Da wannan layin na buɗe asusun, shi ne kuma a kan BVN ɗina. Da yake manhajar tana kan babbar wayata kuma da yatsa nake shiga, ban ji rashin layin ba, na bar maganar dawo da shi sai na samu sarari. Sannan wani abu ya dawo mini: sau biyu kacal na yi kuskure, alhali na san a wannan manhajar sau biyar ake ba mutum. Jan rubutun da ban karanta ba cewa yake saura gwaji ɗaya. Ke nan akwai wanda ya riga ni cinye uku. Wannan ita ce alamar da ta fi kowace muhimmanci a duk lamarin. Idan aka kulle ka da kuskuren da bai kai adadin da ka sani ba, ko ka wayi gari ka tarar a kulle ba ka taɓa komai ba, kada ka ɗauka matsalar sabis ce. Mai yiwuwa wani ne yake gwadawa, ko yaro a gida, ko wanda layinka ya faɗa hannunsa.

Lambar masu kula da kwastomomi daga cikin manhajar na ɗauko ta, a sashen taimako, na kuma gwada ta da wadda ke bayan katin ATM ɗin kamfanin, suka zo ɗaya. Ban nemo ta a intanet ba, saboda lambobin bogi suna da yawa a can. Na yi kusan minti ashirin ina jin kiɗa kafin wata ta ɗauka, kuma kiran yana cin kati, don haka gara mutum ya sa na ɗari biyar kafin ya fara. Ta tambayi cikakken sunana, ranar haihuwa, lambar asusun, taransifa ta ƙarshe da na yi da kuɗin da nake zaton ya rage. Ba ta tambayi PIN ba, tsoho ko sabo, ba ta kuma ce in karanto mata wata lamba da aka turo ba. Na gaya mata maganar ɓatan layin. Ta duba, ta ce an gwada PIN sau uku tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na rana ta hanyar lambar da ake dannawa ba tare da data ba, wato USSD, kuma daga layin asusun aka yi. A wannan kamfanin PIN ɗin USSD da na biya a manhaja abu ɗaya ne, ƙirgensu ma ɗaya, shi ya sa kuskurena biyu suka cika biyar.

Na roƙe ta ta rufe fitar kuɗi gaba ɗaya daga asusun, har da katin, sai na je da kaina. Ta yi mini bayani cewa idan ta sa wannan takunkumin, ko na dawo da layin ba zan iya cire shi daga waya ba, sai an tantance ni a ofis ko ta imel. Na amince, kuma har yau ina ganin daidai na yi, ko da yake shi ya ƙara mini kwana biyu. Kafin mu rabu na nemi lambar ƙorafi, ta karanto mini na rubuta a takarda tare da sunanta na farko da lokacin kiran. Kada ka ajiye waya ba ka karɓi wannan lambar ba. Duk wanda za ka yi magana da shi gaba ita zai fara tambaya, idan babu kuma sai ka sake labari daga tushe.

Daga nan na kira kamfanin layin. Lambar 300 ce yanzu ta masu kula da kwastomomi a duk layukan Najeriya, kuma da layin matata na kira tunda kamfaninsu ɗaya da wanda ya ɓata. Bayan tambayoyi kan sunan da ke rajista, da NIN, da lambobin da na saba kira, suka ce sun dakatar da layin. Na gwada kiransa bayan kamar rabin awa, ba ya shiga. Wannan aikin tun ranar da wayar ta faɗi ya kamata a yi shi, ga kuma dalili. Wanda ya tsinci sim ba ya buƙatar wayarka. Zai sa shi a tasa, ya danna `*565*0#`, idan layin ne a kan BVN ɗinka sai lambobin nan goma sha ɗaya su fito masa a kan 'yan nairori. Saƙonnin alat da ke shigowa su gaya masa bankinka da abin da ke ciki. Duk OTP da aka aika kuma shi zai karɓa. Abin da ya rage tsakaninsa da kuɗin shi ne PIN da fuskarka. A wajena PIN ɗin ne ya tsaya masa, domin ba shekarar haihuwata ba ce, ba kuma ƙarshen lambar wayata ba, waɗanda su ake fara gwadawa. A daren na kira bankina na asali ma, tunda alat ɗinsa a wannan layin yake, suka rufe USSD ɗin can.

Kuskuren da na yi a daren shi ne rubuta ƙorafi a ƙasan wani rubutu a shafin kamfanin na Fesbuk, har na sa lambar babbar wayata don a kira ni. Washegari Juma'a kafin ƙarfe tara kira ya shigo. Namiji ne, da Turanci ya fara, da ya ji ni ya juya Hausa tsaf. Ya ambaci sunana kamar yadda yake a Fesbuk, ya ce daga sashen buɗe asusu yake.

"Alhaji, mun ga ƙorafinka, a yi haƙuri. Minti biyar ne aikin. Akwai katinka a kusa? Karanto mini lambobin gaba, da kwanan wata, da uku na baya, sai mu haɗa shi da sabon layinka."

Na ce masa, "Malam, fara ba ni lambar ƙorafina da kuka buɗe jiya."

Ya ce na'urarsa tana ɗan jinkiri, amma in hanzarta domin idan aka kai ƙarfe goma sha biyu za a mayar da kuɗin Babban Banki, kuma fito da su sai an yi wata shida. Na kashe wayar. Ya sake kira sau biyu, sannan ya turo saƙon Watsaf mai tambarin kamfanin da wani adireshin da zan danna in cike fom. Babu wata doka da ke kwashe kuɗin mutum zuwa Babban Banki don an kulle PIN, ƙarya ce da aka ƙera don ta firgita mai jin ta. Abin da ya nema kuwa, lambobi goma sha shida na kati da ranar ƙarewarsa da uku na baya, da su ake sayayya a intanet. Ma'aikacin gaske ba ya neman su, ba ya neman PIN, ba ya cewa a karanto masa OTP, ba ya karɓar kuɗin buɗe asusu, ba ya kuma cewa ka sauke wata manhaja don ya ga allon wayarka. Tambayar lambar ƙorafi tana saurin tona su, domin ba su da ita. Amma ko wanda ya kawo ta, na fi ganin ka ce masa za ka kira da kanka, ka kashe, ka kira lambar da ke cikin manhaja. Na goge rubutun nawa na Fesbuk a take.

Da safiyar nan na je kotu yin takardar rantsuwa, domin kwalin da sim ɗin ya zo a ciki ya daɗe da ɓata, kuma idan babu shi ana neman takardar kafin a yi welkam bak. A bakin kotun akwai masu buga takarda, na ba su suna kamar yadda yake a takardar NIN, da lambar layin, da ranar da ya ɓata da inda ya ɓata. Bugawa da hoton fasfo da hatimin ofis suka tashi mini naira 2,500, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Ka karanta takardar kafin a buga mata hatimi. A tawa an juya lambobi biyu na layin, sai da aka sake bugawa, kuma da na wuce da ita haka da an dawo da ni. Bayan an sauko daga masallaci na je babban ofishin kamfanin layin. Na zaɓi babban ofis a kan masu laima na bakin titi saboda aiki ne da ya shafi hoton fuskata da lambar NIN, ba na son su ratsa ta hannun da ba zan iya komawa in tuhuma ba. Na karɓi lamba, na zauna sama da awa biyu, da aka zo kaina aka ce hanyar tantance NIN ta tsaya, sai Litinin. Ba abin da ma'aikacin zai iya yi, domin sai sun gwada fuskarka da wadda ke rumbun hukumar katin ɗan ƙasa kafin na'urar ta yarda a sauya sim.

Asabar da Lahadi su ne suka fi mini nauyi, kuɗi ina gani amma ba na iya taɓawa. Na gaya wa kwastomomi su tura ta asusun bankina na asali, mai shinkafa kuma ya yi mini haƙuri. Wani maƙwabcin shago ya ce akwai yaro a kasuwar waya da ke buɗe irin wannan a kan naira dubu biyar. Ban je ba, kuma ba na ba kowa shawarar zuwa. Babu wata dabara a waya da ke cire kullewar da ke na'urar kamfani. Abin da yaron zai yi shi ne ya karɓi wayarka da BVN da NIN ya bi matakan da kai ma za ka iya bi, ya ga sabon PIN ɗinka, wataƙila ma ya shigar da asusunka a wata wayar. Haka mai POS na unguwa: zai iya cire maka kuɗi ko ya tura, amma ba shi da ikon buɗe PIN ɗin wani.

Litinin ƙarfe takwas saura ina bakin ofishin layin, na zama na shida. Abin da aka nema: takardar NIN, takardar rantsuwar, da fom da na cike. A fom ɗin akwai lambobin da na fi kira da layin, da kuɗin katin da na sa na ƙarshe da lokacin da na sa. Na riga na rubuto lambobi biyar daga gida, na matata, na ƙanena, na masu kawo mini kaya, domin mutum yana iya tsayawa a gaban kanta ya rasa ko ɗaya a ka. Aka ɗauki hotona, aka gwada da na NIN, ya yi daidai. Wannan matakin ne ke kayar da mutane da yawa, musamman wanda aka yi wa rajistar layi da sunan wansa ko mai shagon da ya sayar masa. Idan layin ba da NIN ɗinka yake ba, ba za a ba ka shi ba sai mai sunan ya zo da kansa. Wata dattijuwa da ke gabana haka aka mayar da ita, layin da sunan ɗanta yake, shi kuma yana Legas. Aka ba ni sabon sim mai tsohuwar lambata kafin ƙarfe goma, sabis ya hau bayan Azahar. Tsohon sim ɗin da ke hannun wancan mutumin daga lokacin ya zama roba.

Ban samu OTP a ranar ba. Na nema sau biyu bai zo ba, na bari. Bankuna da kamfanonin kuɗi sukan dakatar da wasu ayyuka na ɗan lokaci a kan layin da aka sauya wa sim, saboda 'yan damfara ma ta welkam bak suke sace layin mutane. Yawan danna neman OTP kuma yana iya jawo wata kullewar, don shi ma akwai adadin da aka yarda a nema. Talata da hantsi na sake gwadawa, lamba shida ta shigo. 'Yan mintoci take yi ta mutu, kuma idan ka nemi biyu a jere ta ƙarshen ce ke aiki, ko da ta farkon ce ta fara isowa. Na sa ta, manhajar ta nemi BVN, sannan ta buɗe kyamara don tantance fuska. Na farko ya faɗi. A cikin shago nake, ƙofa tana bayana, hasken ya mayar da fuskata baƙi ƙirin, ga hula ga tabarau. Na fito waje inuwa, na fuskanci haske, na cire hula da tabarau, na goge kyamarar da gefen riga, na riƙe wayar daidai ido. Ta ce in ƙifta ido, in juya kai hagu da dama a hankali, ya wuce. Wannan motsin da ake sa mutum don a tabbatar rayayyen mutum ne a gaban kyamara, ba hoto aka ɗaga mata ba, kuma shi ne shingen da ke yi wa mai tsintar sim wuyar tsallakewa ko yana da OTP da BVN. Mata ba sai sun cire hijabi ba, a dai ja shi baya kaɗan goshi da haɓa su fito. Idan ya faɗi sau biyu a wuri mai haske, ka tsaya, wataƙila hoton da ke kan BVN ɗinka ya tsufa ko bai fita ba, kuma wannan sai ofis.

Manhajar ta ba ni damar sa sabon PIN, na sa. Da na gwada tura naira ɗari sai ta ce akwai takunkumi a asusun, wato wanda na nema da bakina ranar Alhamis. Na sake kiran su da lambar ƙorafina, aka ba ni zaɓi biyu: in aika imel da hoton takardar NIN da hotona riƙe da ita, in jira kwanakin aiki, ko in je ofishinsu. Adireshin ofishin ma daga cikin manhajar na duba. Laraba na je da takardar NIN, lambar BVN a rubuce, kwafin takardar rantsuwa, katin ATM da wayar da sabon sim yake ciki. Mutane sun kai talatin, mafi yawansu matsalarsu irin tawa ko kuɗin da aka tura bai isa ba. Na jira kusan awa ɗaya da rabi. Ma'aikaciyar ta ba ni fom na neman cire takunkumi, na rubuta dalilin da ya sa aka sa shi da abin da na yi tun daga nan, na sa hannu. Ta ɗauki hotona, ta aika OTP zuwa layin, ta juyo mini da na'urar na danna da kaina. Ta ɗan tsaya a kan sunana, domin a BVN an rubuta Muhammad, a asusun kuma Mohammed. Tunda ranar haihuwa da hoto da sauran sunayen sun yi daidai, ta gyara na asusun ya bi na BVN. Da a ce bambancin tsakanin BVN da NIN yake, kamar shekarar haihuwa daban ko suna daban, ba ita za ta gyara ba, sai banki ko hukumar katin ɗan ƙasa, kuma wannan yana iya cin makonni. Tun da Babban Bankin Najeriya ya fitar da umarni a watan Disamba 2023 cewa kowane asusu da walat sai an haɗa shi da BVN ko NIN, da waɗannan bayanan ake gwada duk mai neman a buɗe masa. Ko sisi ba a karɓa a ofishin ba. Kuɗin da na kashe gaba ɗaya, kotu da katin kira da kuɗin mota da kwafin takardu, bai kai naira 8,000 ba.

Alhamis da safe saƙo ya shigo cewa an cire takunkumin. Na tura naira ɗari zuwa bankina don gwaji, ta tafi, sannan na biya mai shinkafa. Kafin in ci gaba da harka na zauna na bi jerin taransifa na mako biyu ɗaya bayan ɗaya, babu baƙuwa. Na shiga sashen tsaro na duba wayoyin da asusun yake a kai, tawa ce kaɗai. Na canza lambar shiga ita ma, na rage iyakar abin da za a iya fitarwa a rana zuwa abin da nake bukata, na kashe USSD tunda ba na amfani da shi. Katin ATM kuwa ban canza shi ba, don ban karanta wa kowa lambobinsa ba. Wanda ya riga ya karanta wa mai kira, ko ya cike su a wani fom na intanet, ya sa a kashe katin a ba shi sabo, canza PIN kaɗai ba zai wadatar ba.

Abin da na fi so a ɗauka daga wannan shi ne tsarin abin da ake fara yi. Kuskure na biyu shi ne wurin tsayawa. Ka karanta abin da allo ya rubuta, idan kana shakka ka danna `Forgot PIN` tun ba a kulle ba, domin wanda layinsa ke hannunsa kuma fuskarsa ta wuce, aikin minti goma ne. Wasu manhajojin ma kullewar farko ta 'yan awoyi ce ko ta kwana ɗaya, tana buɗewa da kanta, amma idan ta buɗe ka koma cankar lamba, ta gaba ta fi tsanani. Idan kuwa layin ba ya hannunka, kada ka fara da neman buɗewa. Fara da rufewa: asusun, layin, da duk bankin da ke aika alat a layin. Sai ka dawo da layin, sannan PIN. Ni layin ne ya ci mini kwana biyar cikin bakwai.

Sai sim ɗin kansa. Shi ma yana da PIN nasa, wanda ake kunnawa a saitin tsaro na waya, kuma idan an kunna, duk wayar da aka sa shi sai ta nemi lambar kafin sabis ya hau. Da na kunna shi tun farko, wanda ya tsinci wayata ba zai iya danna komai ba da zarar ta mutu ko ya sa sim ɗin a wata wayar. Sai dai a yi shi da lura: kuskure uku yana kulle sim ɗin ya nemi PUK, lamba takwas da ke jikin kwalinsa, kuskure goma a PUK kuma yana kashe sim ɗin gaba ɗaya. Don haka a ajiye kwalin, shi ne kuma zai raba ka da zuwa kotu wata rana. Sabon PIN na biya kuwa na rubuta shi a littafin da ke kulle a gida na mako guda har hannuna ya saba, sannan na yage shafin. Ban ajiye shi a wayar ba, ban sa shi cikin jerin lambobin kira da sunan "banki" kamar yadda na ga wasu suna yi ba.

Wanda ya bi duk waɗannan matakan kuma kamfanin ya ƙi buɗe masa ko ya yi shiru, yana da inda zai je. Ya rubuta musu ƙorafi a takarda ko imel, ya riƙe lambar ƙorafin, idan mako biyu ya wuce babu mafita sai ya kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya ta `cpd@cbn.gov.ng`, ya haɗa da lambar ƙorafin, ranakun da ya yi magana da su da hotunan allon da ya ɗauka. Idan matsalar ta kamfanin layi ce, hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar ƙorafi kyauta, 622, ita ma za ta tambayi lambar ƙorafin da kamfanin layin ya ba ka. A cikin kowace irin wannan wasiƙa ana sa suna da lambar asusu da bayanin abin da ya faru, ba a sa PIN ko lambobin kati.